Na San Gidanta Ɗaki-Ɗaki, Ita Kuwa Ba Ta San Ina Duniya Ba

A cikin birnin Zariya aka haife ni, kusa da Ƙofar Doka, a gidan da ba a taɓa rasa mutum goma a tsakar gida, don haka ban san zaman kaɗaici ba sai da aure ya kai ni gidan haya a Samaru. Maigidana yana aiki a Kaduna, yakan tafi ranar Litinin da asuba ya dawo ranar Juma'a da daddare. A daminar 2021 na haifi ɗana na biyu, kuma bayan an yi arba'in, gwaggon da ta zo yi mini wankan jego ta koma gida, sai na rage daga ni sai yara biyu da waya. Duk wadda ta taɓa shayar da jariri da ƙarfe biyun dare, gari tsit, ba wuta, ta san irin shirun da nake nufi. A cikin wannan shirun na fara kallon wata mata a Instagram, wadda mu mabiyanta muke kira Anti. Ba zan faɗi sunanta ko garinta ba, domin ba tona asiri ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Yadda take magana ne ya fara kama ni. Takan kafa waya a kicin ɗinta, ta dubi idon kyamara kai tsaye, ta ce, "'Yan gidana, kun tashi lafiya? Ku zo ku ji abin da ya same ni jiya." A ƙaramin allon da ke tafin hannuna fuskarta takan cika ko'ina, kamar ta mutumin da ya matso kusa zai yi miki raɗa, kuma duk wanda ya dubi kyamara, ke da kike kallo za ki ji ke yake duba. Cikin wata uku na san launin labulen falonta, na san sunayen 'ya'yanta uku da wanda ba ya cin wake a cikinsu, na san mahaifiyarta tana fama da hawan jini. Ranar da ta yi kuka a bidiyo saboda an kwantar da mahaifiyar a asibiti, na sa tsohuwar a addu'ata bayan sallar Isha'i, tare da tawa mahaifiyar. Ban ga wani abin mamaki a cikin hakan ba a lokacin, domin zuciyata ta riga ta ajiye ta a sahun 'yan uwa.

Wani dare tana shirin kai-tsaye, mutane kusan dubu biyu suna kallo, saƙonni suna wucewa da gudu kamar ruwan kwata, na rubuta cewa ina jego ne kuma hirarta ce take ɗebe mini kewa. Sai idonta ya faɗa a kan saƙona. Ta karanta sunan da nake amfani da shi, ta ce, "Allah sarki, mai jegonmu daga Zariya, Allah ya raya mana." Duka maganar ba ta kai daƙiƙa biyar ba, amma na ɗauki hoton allon, na tura wa yayata, na kwana ina murmushi. Daga wannan dare na daina ɗaukar kaina a matsayin mai kallo, na koma ganin cewa mun san juna.

Bayan kamar sati shida ta fito da wani haɗin man shafawa. Ba ta kawo shi a matsayin talla ba. Tana cikin ba da labarin bikin da ta je ne, ta ce mata sun dame ta da tambayar abin da take shafawa, kuma ba ta son ɓoye wa 'yan gidanta komai, shi ya sa za ta faɗa mana sirrin. Ta ce wata uku ke nan tana amfani da shi, ta ce ta roƙi mai haɗawar ta yi mana ragi, duk wadda ta ambaci wata kalma da ta ba mu za a cire mata kashi goma cikin ɗari. Haihuwa ta bar mini duhu-duhu a kumatu da wuya, abin yana damuna. Na tura naira 18,000, aka aiko mini da wata farar roba ta mota, na je tashar Kwangila na karɓa. Robar ba ta da lambar rajistar NAFDAC, ba a rubuta abubuwan da aka haɗa a ciki ba, ba ranar da aka yi, ba ranar lalacewa. Ni ce macen da ba ta sayen maganin tari a kemis sai ta juya kwalin ta duba, amma a ranar ban tsaya ba, domin a raina Anti ta riga ta duba mini.

Sati biyu na farko fatata ta yi haske da santsi har maƙwabta suna tambaya, wannan ya sa na sake saye sau uku. A wata na huɗu abin ya juya. Fatar kumatuna ta yi siriri har ana ganin ƙananan jijiyoyi ja, ƙuraje masu kama da juna suka feso mini a goshi da haɓa, nankarwa ta fito mini a damtse inda ban taɓa samunta ba, kuma idan na fita rana sai fuskar ta riƙa zafi kamar an shafa barkono. Abin da ya fi ruɗa ni shi ne, duk ranar da na daina shafawa sai fuskar ta yi jawur tana ƙaiƙayi, in na koma shafawa sai ta lafa, don haka na ɗauka man ne yake warkar da ni.

Likitar fata da na gani daga baya ta dubi fuskata, ta dubi robar, ta ce, "Malama, ba zan iya rantsewa a kan abin da ke cikin nan ba sai an auna shi, amma alamomin jikinki na sitiroyid mai ƙarfi ne." Ta bayyana mini cewa irin wannan magani ana ba da shi ne na ɗan gajeren lokaci don cutar fata, yana kwantar da kumburi yana kuma matse jijiyoyin jini, shi ya sa fata take yin haske da wuri, amma idan aka daɗe ana shafawa yana cinye kaurin fatar, ya kuma sa ta dogara da shi, ta yadda da an tsaya sai ta yi bore. Ta ƙara da cewa wasu haɗe-haɗen da ba su da rajista ana samun sinadarin makuri a cikinsu, wanda yake iya kai wa jariri ta nono. Wannan magana ce ta hana ni barci a daren. Ta tsara mini yadda zan janye daga man a hankali, ta ba ni man kare fata daga rana, kuma na fi wata takwas kafin na iya zuwa biki ba tare da na rufe rabin fuskata da mayafi ba.

Abin da na fi son mai karatu ya lura da shi shi ne halin da zuciyata ta shiga, domin ya fi ciwon fatar ban tsoro. Ban yi fushi da Anti ba. Mai haɗa man na zarga, na ce ta yaudare mu duka har da ita, kuma na ga wajibi ne in sanar da ita don kada ita ma fatarta ta lalace. Na tura mata saƙo huɗu cikin sati biyu, da hotunan fuskata, ina farawa da gaisuwa da tambayar jikin Hajiya. Ba a amsa ko ɗaya ba. Na ce ai mutane sun yi mata yawa, sai na rubuta a ƙarƙashin bidiyonta cikin ladabi cewa man ya yi mini illa, a yi hattara. Kafin awa ɗaya mata fiye da ashirin sun yi mini ca, wata ta ce hassada ce, wata ta ce an biya ni ne, wata ta ce Anti ba za ta taɓa cutar da mu ba. Ban iya jin haushinsu ba, domin watannin baya ni ma na rubuta wa wata irin waɗannan kalmomi. Da yamma aka goge rubutun nawa, washegari na nemi shafin na rasa, an toshe ni. Na zauna a bakin gado na yi kuka irin wanda ake yi idan 'yar uwa ta yanke zumunci, alhali kuwa macen da nake yi wa kukan ba ta taɓa sanin sunana na yanka ba.

Ƙanwar maigidana, wadda take karatun aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce ta fara ba wa abin suna. Ta ce, "Yaya, wannan abin da ya same ki an daɗe da rubuta shi." Ta ba ni labarin wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, waɗanda a 1956 suka yi rubutu a kan yadda masu kallon talbijin da masu sauraron rediyo suke jin sun san mai gabatar da shiri kamar aboki, saboda yana fuskantar su, yana yi musu magana kamar ana hira, yana kuma dawowa a kan lokaci ɗaya kullum. Sun kira shi kusanci daga nesa. Alaƙa ce mai gefe ɗaya, mai kallo yana tara sani da ƙauna da tarihi, wanda ake kallo kuwa ba ya tara komai game da shi, kuma shi kaɗai ne yake da ikon zaɓar abin da za a gani. Nan take na tuna Innarmu da masu gabatar da zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna, yadda take ambaton sunayensu kamar 'yan unguwarmu, har takan ce wane yau muryarsa kamar yana mura. Ashe abin ba rauni ba ne da ya keɓanta da ni, haka zuciyar ɗan Adam take, duk fuskar da ta saba gani da muryar da ta saba ji takan ba su wurin zama. Bambancin shi ne mai zaɓi-sonka bai taɓa miƙo wa Inna lambar asusun banki a tsakiyar gaisuwa ba.

Na ji bayanin, amma ban fahimci abin har cikin raina ba sai da na tsaya a ɗaya gefen, a matsayin mai biyan kuɗin talla.

Ina haɗa turaren wuta, sana'ar da na koya a wajen wata tsohuwa 'yar Barno da ta zauna a Tudun Wada. Sandal ne da hawi da kajiji da farce, a jiƙa su da turare, a ɗaure da sukari. Bayan Babbar Sallah ta 2023 ciniki ya ja baya, sai wata ƙawata ta ba ni shawarar in biya talla a wajen wata mai shafi, ba Anti ba, wata dabam mai mabiya kusan dubu ɗari biyu. Lambar da ke shafinta ta kai ni ga wani saurayi da ya ce shi ne manajanta. Abu na farko da ya turo mini shi ne takardar farashi. Ambato a Story, wanda yake ɓacewa bayan awa 24, naira 40,000 ne. Bidiyon da zai zauna a shafi naira 120,000. Ambato a cikin shirin kai-tsaye yana da nasa kuɗin, kuma ya fi tsada idan za ta riƙe kayan a hannu.

Da na ce kuɗin ya yi yawa, sai ya turo mini hotunan allon ƙididdigar shafin, wadda Instagram yake nuna wa duk mai shafin kasuwanci. A ciki akwai yawan mata da maza a cikin mabiya, da rukunin shekarunsu, da garuruwan da suka fi yawa, da sa'o'in da suka fi buɗe waya. Mafi yawansu mata ne tsakanin shekara 25 zuwa 34, daga Kano da Kaduna da Abuja, kuma sun fi taruwa bayan Isha'i. Sannan ya yi mini saƙon murya, wanda har yau yana cikin wayata. Ya ce, "Hajiya, ba yawan mabiya muke sayar miki ba, wannan ko a kasuwa ana sayensu. Abin da za ki biya shi ne suna jin maganarta. Matan nan sun ɗauke ta kamar yayarsu, in ta ce su saya, saye za su yi."

Na saurari saƙon sau uku. Mace mai shekara tsakanin 25 zuwa 34, a Arewa, da waya a hannu bayan Isha'i, wannan ai ni ce shekara biyu da suka wuce. Addu'ar da na yi wa mahaifiyar Anti, da hoton allon da na tura wa yayata, da kariyar da na riƙa ba ta a ƙarƙashin bidiyo, duk an tattara su an yi musu farashi, an tura wa mai haɗa man kamar yadda aka turo mini yanzu. A cikin hirar ne kuma ya gaya mini cewa shi da wata yarinya ne suke duba akwatin saƙonnin uwar ɗakinsa, domin saƙo yakan kai ɗaruruwa a rana, suna ware na masu son talla, su goge na masu ƙorafi. Ta haka na gane cewa hotunan fuskata, da gaisuwar da na yi wa Hajiya, wataƙila wani yaro ne irinsa ya gan su.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Duk da abin da na gane, na biya kuɗin. Manajan ya ce in rubuta abin da nake so ta faɗa, na rubuta sunan turaren da farashi da lambata. Ya gyara ya dawo mini da shi, ya ƙara cewa za ta ce ta yi wata biyu tana turara ɗakinta da shi, har maigidanta ya yaba. Na ce ai ba ta ma gan shi ba tukuna. Ya ce haka ake yi, in ba a ce ana amfani da kaya ba mutane ba sa motsawa. Na tambaye shi ko za a sa alamar nan ta Paid partnership da Instagram ya tanadar, ko a rubuta #ad, don a san talla ce da aka biya, ya ce suna guje mata domin tana rage ciniki. Na yi shiru, kuma shiruna yarda ce. Na sa kwalba uku a mota ranar Alhamis, suka isa ranar Juma'a, ranar Asabar da daddare ta fito tana cewa wata biyu ke nan ba ta kunna wani turare sai wannan. Ledar da nake naɗe bakin kwalba da ita tana nan a jikin wadda take riƙe da ita, ba a ko ɓare ba.

Ga yadda lissafin ya kasance, domin masu ƙananan sana'a su gani. Manajan ya nuna mini cewa mutum 31,000 ne suka kalli tallan, 420 suka latsa mahaɗin da ke kawo mutum WhatsApp ɗina, 96 suka yi mini magana, 37 suka saya, kowa kwalba ɗaya. Ina sayar da kwalba naira 5,000, ribata a kowace naira 1,500, wato na samu naira 55,500. Na kashe 40,000 a talla, kwalba ukun da na aika sun ci mini 10,500, kuɗin mota 2,500, jimla 53,000. Abin da ya rage mini naira 2,500 ne, bayan kwana huɗu ina amsa saƙo har ƙarfe ɗayan dare. Kalmar ragin da aka ce masu saye su ambata, wadda a da na ɗauka alfarma ce Anti ta roƙo mana, a nan na ga aikinta. Alama ce ta ƙirga cinikin da ya zo ta hannun mai talla, kuma manajan ya gaya mini cewa masu manyan kaya da ita suke biyan la'ada a kan kowane saye. Ke nan duk robar man da na sake saye, mai yiwuwa wani kaso nata yana komawa wajen wadda nake tsoron kada fatarta ta lalace.

Amma ba asarar wahala ce ta girgiza ni ba, saƙonnin matan ne. Kusan babu wadda ta tambaye ni me aka haɗa a cikin turaren, ko yana da hayaƙi da yawa, ko mai asma zai iya zama a ɗakin. Abin da suke cewa ɗaya ne, "Anti ce ta turo ni," domin su ma haka suke kiran tasu. Wata mata daga Giwa ta yi mini saƙon murya, ana jin kukan jariri a bayanta, ta ce a kuɗin adashinta ta cire, ba ta taɓa sayen abu a waya ba, amma tunda Anti ta yi wata biyu tana amfani da shi ta san ba za ta yi nadama ba. Na ajiye wayar na kasa amsa mata. Turarena mai kyau ne, ba zai cutar da ita ba, amma abin da ya sa ta taɓa kuɗin adashinta ƙarya ne, kuma da kuɗina aka yi ta. Na tuna hadisin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Washegari na kira ta, na ce, "'Yar uwa, gaskiya biyan ta na yi, kuma kwana ɗaya kacal kayan suka yi a hannunta kafin ta yi magana. In kina son kuɗinki zan mayar miki." Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Anti ba za ta yi haka ba." Ta karɓi turaren, ba ta sake yi mini magana ba. Sauran 36 ɗin na tura musu saƙo iri ɗaya, uku suka amsa.

Na daɗe ina kwatanta wannan harka da dillancin da muka taso muka gani a cikin birni. Dillaliya takan shigo gidanmu da ƙullin atamfa da kwanuka, ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta yi hira, ta yabi kayanta iyakar yabo. Ita ma da sabo da daɗin baki take ciniki, kuma babu laifi a ciki. Sai dai kowa a tsakar gidan ya san tana da la'ada, don haka ana sauraron yabonta da wannan sanin, a rage abin da za a rage. Sannan ta san Inna kamar yadda Inna ta san ta, an san gidanta, an san mijinta, in zani ya zuba a wankin farko yaro za a aika ya kira ta, kuma kunyar haɗuwa a gidan suna ta isa ta hana ta kawo kayan banza. Mai tallan waya tana cin amfanin sabon da ya fi na dillaliya ƙarfi, domin kullum tana cikin ɗakinki har kan gadonki, amma ta tsira daga abubuwa biyun da suke tsare dillaliya, an ɓoye la'adar, kuma babu ƙofar da za ki je ki yi sallama. Ni a ganina talla ba ta da aibi, kuma mai shafi tana da haƙƙin cin guminta, domin ɗaukar bidiyo kullum aiki ne. Aibin yana wajen sa wa talla rigar shawarar 'yar uwa.

Ƙanwar maigidana ta nuna mini cewa hukumomi ma a wannan gaɓar suke kamawa. A watan Oktoba na 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talbijin Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26, saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba tare da ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. A nan gida kuma, dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin tsohuwar hukumar APCON ta tanadi cewa a tantance talla kafin a fitar da ita ga jama'a, har da ta kafofin sada zumunta. Wannan na biyun sai daga baya na san shi, kuma tun da na sani ban sake biyan talla ba.

Kafin nan dai na sake gwadawa sau ɗaya, a kan sharaɗina. Na samu wata matashiya a nan Zariya mai koyar da girki, mabiyanta ba su wuce dubu tara ba, ita da kanta take amsa saƙonninta. Na kai mata kwalba ɗaya har gida a Gyallesu, na ce ta yi wata guda tana amfani da shi kafin ta ce komai, in bai yi mata ba ta gaya mini mu fasa, in za ta yi magana kuma ta fara da cewa an biya ta. Ta yarda a kan naira 15,000. A bidiyon ta ce talla ce, ta ce ƙamshin yana kwana a labule, ta kuma ce yana da hayaƙi idan garwashin ya yi zafi da yawa, abin da yake gaskiya ne. Mutum 16 suka saya. Bayan na cire kuɗinta da na kwalbar, naira 5,500 ta rage mini, kuma tara daga cikinsu sun dawo sun sake saye, alhali a cikin 37 na farko biyar ne kawai suka dawo. Gwaji biyu ne kacal a ƙaramar sana'a, ba zan kafa hukunci a kansu ba. Abin da na lura da shi dai shi ne waɗannan 16 sun yi mini tambayoyi, sun nemi ragi, wata ma ta ce sai ta zo ta shinshina kafin ta biya.

Yanzu idan na ga mai shafi ta ɗago wani abu a tsakiyar labarin gidanta, akwai abubuwan da idona yake nema ba tare da na sa shi ba. Nakan duba ko kayan sun taɓa bayyana a bidiyoyinta na baya kafin ranar da ta ce ta daɗe da su, da ko za su sake bayyana bayan sati biyu. Nakan duba bakin kwalbar da yawan abin da ke ciki. In akwai kalmar ragi mai ɗauke da sunanta, na san akwai lissafi a bayanta. In a ƙarƙashin bidiyo mai tsokaci ɗari uku babu ko mutum ɗaya da ya yi ƙorafi, na san akwai mai share wurin. Idan kuma fata ake tallatawa, nakan tuna cewa fitilar da aka kafa a gabanta da tacewar da kyamara take yi suna iya ba kowace fuska santsin da babu man da zai bayar.

Jijiyoyin kumatuna na hagu ba su ɓace gaba ɗaya ba, likitar ta ce wataƙila haka za su zauna. Ɗan da nake shayarwa a waɗancan darare ya shiga makaranta, lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi. Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta sa bidiyon Anti a WhatsApp, na buɗe kafin in gane ko na wane ne. Ta canja labulen falon. Wani yaro ya gifta ta bayanta da kayan makaranta, na gane shi nan take, shi ne wanda ba ya cin wake, kuma kafin in rufe wayar na riga na lissafa cewa bana ya kamata ya shiga aji ɗaya na sakandare.